Katie Jones: fuskar da babu mai ita, da yadda aka gane ta

A farkon shekarar 2019 wata mata mai suna Katie Jones ta bayyana a dandalin LinkedIn, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke ƙulla alaƙa ta sana'a. Baturiya ce mai jan gashi, a ido ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Shafinta ya ce tana aiki da cibiyar nazari ta CSIS da ke Washington a matsayin mai bincike kan Rasha da maƙwabtanta, kuma ta yi karatu a Jami'ar Michigan. Mutum 52 kacal ne suka karɓi gayyatarta, amma ba ƙananan mutane ba ne. Akwai wani babban jami'i a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, akwai na hannun daman wani sanata, akwai kuma masanin tattalin arziki Paul Winfree, wanda a lokacin ake ambaton sunansa cikin waɗanda za a iya bai wa kujera a babban bankin ƙasar.

Gayyatar ta isa ga Keir Giles, masani kan Rasha a cibiyar Chatham House da ke Landan, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Dalilinsa mai sauƙi ne. Masu nazarin Rasha a irin waɗannan cibiyoyi ba su da yawa, sun san juna, to ina aka ɓoye wannan matar tsawon shekarun da ta ce tana aikin, har bai taɓa jin sunanta ba? Maganar ta kai ga ɗan jarida Raphael Satter na kamfanin dillancin labarai na AP. Ya tambayi cibiyar CSIS, kakakinta ya ce ba su da ma'aikaciya mai wannan suna. Jami'ar Michigan ma ta duba, ba ta ga wata ɗaliba da ta yi wannan karatun da wannan suna ba. Jim kaɗan bayan AP ta tuntuɓi kamfanin LinkedIn don jin ta bakinsa, sai shafin ya ɓace. Labarin ya fito a watan Yunin 2019.

Shafin bogi ba sabon abu ba ne. Abin da ya sa wannan ya yi fice shi ne hoton. A al'ada, mai buɗe shafin ƙarya hoton wani yake sacewa ya liƙa, shi ya sa ake kama shi idan aka bi sawun hoton aka tarar da ainihin mai shi. Hoton Katie kuwa ba na kowa ba ne. Mario Klingemann, wani mai zane ɗan Jamus da ya shafe shekaru yana ƙera fuskoki da na'ura, ya duba ya ce ya gamsu fuskar ƙirƙirarriya ce, duk alamomin sun cika. Hao Li na Jami'ar Kudancin California ya lissafo abin da ya gani: rashin daidaito a wajen idanu, wani irin haske mai kamar hazo a gefen gashi, da dabbare-dabbare a kuncin hagu. Ɗan kunnenta ma ya fito kamar ƙarfen da ya fara narkewa, abin da ke bayanta kuwa ba a iya cewa ga abin da yake.

Kafin mu bi waɗannan alamomi, ya kamata a fahimci daga ina suke fitowa, domin wanda ya gane dalilin ba sai ya haddace jeri ba.

Dabarar da aka yi irin wannan hoto da ita ana kiranta GAN, kuma Ian Goodfellow da abokan aikinsa ne suka fito da ita a Montreal a 2014. Manhajoji biyu ake haɗawa su yi ta gasa. Ɗaya tana zana fuska, ɗayar tana duba zanen tare da hotunan mutane na gaske ta ce wanne ne jabu. Kamar mai buga jabun kuɗi ne da ma'aikacin banki: duk lokacin da aka kama shi sai ya koma ya gyara, shi ma mai kamawar idonsa yana ƙara buɗewa. Bayan an yi haka sau miliyoyi, mai zanen yakan kai matsayin da abokin gasarsa ba ya iya rarrabewa. A watan Disambar 2018 masu bincike na kamfanin Nvidia suka fitar da wani samfuri mai suna StyleGAN, wanda aka koyar da hotunan fuskoki 70,000 da aka kwaso daga shafin Flickr. A watan Fabrairun 2019 wani injiniya mai suna Philip Wang ya buɗe shafin thispersondoesnotexist.com, inda duk sabuntawa ɗaya ke ba ka sabuwar fuska kyauta. Watanni kaɗan bayan haka aka bankaɗo Katie.

Manhajar ba ta san mene ne kunne ba. Ba ta san cewa mace takan sayi ɗan kunne biyu iri ɗaya a kati guda ba, ko cewa silin gashi yana da tushe a fatar kai yana da ƙarshe. Abin da ta koya shi ne wane launi ne ya saba zama kusa da wane launi. Shi ya sa ta ƙware matuƙa a abin da yake kusan iri ɗaya a kowane hoto, kamar hanci da goshi da laushin fata, amma take tuntuɓe a wurare biyu: inda abu biyu masu nisa da juna ya kamata su yi daidai, da inda siririn abu ya kamata ya ci gaba ba tare da ya yanke ba. Kusan duk alamomin da za ka ji ana lissafawa daga waɗannan biyun suka fito.

Ɗan kunne shi ne misali mafi sauƙi, kuma da shi nake so mai koyo ya fara. Kunnen dama da na hagu suna can gefe da gefe, faɗin fuska gaba ɗaya ya raba su. Manhajar tana zana na dama ya yi kama da ɗan kunne, ta zana na hagu shi ma ya yi kama da ɗan kunne, amma babu abin da ya tilasta mata su zama tagwaye. Sai ka ga ɗaya zobe, ɗaya dunƙule. Ko ɗaya dogo, ɗaya gajere. Ko ɗaya na zinariya, ɗayan kuma wani ƙyalli kawai da ya manne da fata ba tare da an ga inda ya huda kunnen ba. Ɗan kunne kuma abu ne da ya sha bamban daga hoto zuwa hoto, akwai dubban samfura, don haka manhajar ba ta samu misalai masu yawa na kowane iri ba. Takan haɗa su ne ta fitar da wani abu a tsakani, shi ne wannan narkakken abin da aka gani a kunnen Katie. A 2022 ma abin da ya fara jan hankalin Renée DiResta, mai bincike a Jami'ar Stanford a lokacin, ke nan a hoton wata "Keenan Ramsey" da ta aiko mata saƙon talla a LinkedIn: ɗan kunne a kunne ɗaya kawai. Daga wannan zaren ita da abokin aikinta Josh Goldstein suka tono shafuka sama da dubu masu irin waɗannan fuskoki. Idan namiji ne, ko macen ba ta sa komai ba, dubi kunnuwan kansu, ko tsayinsu ɗaya ne, ko siffarsu ta yi kama. Idan akwai tabarau, bi ƙafarsa daga gilashi har kunne ta kowane gefe, ka ga ko ƙirar dama ita ce ta hagu.

Sai idanu, inda aka fi buƙatar natsuwa. Buɗa hoton da yatsu biyu har idanun su cika fuskar wayar. Abu uku za ka duba. Na farko baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido. A lafiyayyen mutum zagayayye ne, ko ya ɗan miƙe kaɗan idan fuskar ta karkata, kuma gefensa sumul yake. A fuskokin GAN sau da yawa gefen yakan fito da lanƙwasa ko ɗan kusurwa, kamar ɗigon tawada da ya bazu a takarda, ko kuma na dama ya bambanta da na hagu a siffa. Masu bincike a jami'o'in Albany da Buffalo a jihar New York, ciki har da Siwei Lyu, sun nuna haka a 2021, har suka gina hanyar tantance hoto bisa auna zagayen wannan ɗigon. Na biyu launin zoben da ke kewaye da shi: a hoton Katie launin idanun biyu bai zo ɗaya sak ba. Na uku, wanda ni na fi amincewa da shi, shi ne ɗan farin hasken da ke ƙyalli a kan ido. Ido madubi ne. Idan mutum yana fuskantar taga, tagar za ta fito a idanunsa biyu, siffa ɗaya, a kusan wuri ɗaya. Idan fitilar kyamara ce, ɗigo ɗaya a nan, ɗigo ɗaya a can. Je ka gwada da hotonka na biki ko na katin shaida, za ka gani. Manhajar kuwa babu taga a gabanta, babu fitila, don haka takan sa ɗigo biyu a ido ɗaya ta sa guda a ɗayan, ko murabba'i a dama da zagaye a hagu.

Akwai wata alamar ta idanu da ba a gani a hoto guda, sai an tara da yawa. Waɗanda suka shirya hotuna 70,000 ɗin nan sun yanke kowanne sun daidaita shi yadda idanu za su faɗo a wuri guda. Manhajar ta ɗauka haka duniya take. Saboda haka kowace fuskar StyleGAN, ta yaro ko ta tsoho, mai kallon gaba ko mai ɗan juya kai, idanunta suna zama a daidai wuri ɗaya cikin murabba'in hoton. Na taɓa ɗora yatsa a kan fuskar kwamfuta daidai idon dama na wata fuska a shafin nan na Philip Wang, na yi ta sabuntawa. Fuskoki suna ta sauyawa, maza da mata, masu gemu da masu tabarau, amma idon bai bar ƙarƙashin yatsana ba. Da wannan ne masu bincike ke kama gungun shafukan bogi: su jera hotunan a kan juna, sai idanun duka su hau layi ɗaya. Amma mai wayo yana iya yanke hoton ko ya karkata shi, alamar ta tafi.

Gashi yana cikin rukuni na biyu, wato abin da ya kamata ya ci gaba. Kada ka tsaya kallon tsakiyar kai, nan manhajar ta iya aikinta. Je ka gefe, inda gashi ya haɗu da abin da ke baya, ko inda ya sauko kan goshi da kafaɗa. Zaɓi sili ɗaya ka bi shi da ido. A hoton gaske za ka iya raka shi daga tushe har ƙarshe. A na ƙirƙira yakan ɓace a tsakiyar hanya ya sake ɓullowa can gaba, ko ya tsiro daga kunci, ko ya tsaya a iska shi kaɗai bai haɗu da komai ba. Wani lokaci kuma gefen gashin gaba ɗaya yakan narke cikin bango ya bar wani haske kewaye da kai, wanda shi ne hazon da Hao Li ya ambata. Dabbaren da ya gani a kunci kuwa yana kama da wani aibi da aka san StyleGAN na farko da shi, tabo mai kamar ɗigon ruwa a kan gilashi. Nvidia ta magance wannan a samfuri na biyu, StyleGAN2, da ta fitar a ƙarshen 2019, don haka kada ka sa ran ganinsa sosai yanzu.

Haƙora kuma abu ne mai tsari da lissafi, manhajar ba ta iya ƙirga ba. A bakin mutum akwai manyan haƙoran gaba biyu a sama, kuma layin da ya raba su yana kusan daidai da tsakiyar hanci da tsakiyar leɓe. Daga nan sai ƙanana biyu, sai fiƙa, kowane gefe yana kwaikwayon ɗan'uwansa. A fuskar ƙirƙira kana iya ganin babban haƙori ɗaya zaune a tsakiya, ko uku masu girma ɗaya a jere, ko na gefe sun manne sun zama farin layi ba tsaga. Masu StyleGAN da kansu sun bayyana wani aibin: idan fuska ta juya gefe, haƙoran ba sa binta, suna nan suna kallon kyamara. To idan ka ga hanci ya nufi hagu amma tsagar haƙoran gaba tana tsakiyar hoto, ka ƙara dubawa.

A nan dole in ja kunnen mai koyo, domin na ga yadda wannan ilimi ke zama abin cutar da bayin Allah. Ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ba hujja ba ce ita kaɗai. Mutane da yawa suna da ɗan bambanci tsakanin girman baƙin idonsu na dama da na hagu, kuma lafiyarsu ƙalau. Mawaƙin Birtaniya David Bowie ya rayu da ɗigon ido ɗaya a buɗe fiye da ɗayan tun bayan wani naushi da ya sha yana yaro. Akwai masu idanu launi biyu daga haihuwa. Akwai mai wushirya, akwai mai giɓi, akwai mai haƙorin Makka, akwai wanda haƙoransa suka hau juna. Mace tana iya sa ɗan kunne ɗaya don ado, ko gashi ya rufe ɗayan. Wayoyin yanzu kuma suna da tsarin da ke dusashe bayan mutum don fuskarsa ta fito, kuma wannan tsarin yana cinye silin gashi a gefe kamar yadda GAN ke yi. Ga manhajojin gyaran fuska da ke goge fata su faranta haƙora. Ga WhatsApp da ke matse hoto, idan ya bi hannu biyar sai ƙananan abubuwa su dagule. Hoton yarinya ta gaske da aka yi wa kwalliyar waya aka tura sau da yawa zai iya nuna alamomi biyu ko uku. Kafin ka ce hoton wani jabu ne a bainar jama'a, nemi mafi girma kuma mafi tsabtar kwafin da za ka samu, kuma ka ga alamomi da yawa waɗanda ba su da alaƙa da juna. A hoton Katie kunne da ido da gashi da kunci da bango duk sun yi magana ɗaya.

Mai karatu zai ce, to mu da matanmu ke sa hijabi ko ɗankwali, ba kunne ba gashi a waje, me za a duba? Dalilin bai canza ba, wurin dubawa ne ya canza. Bi bakin hijabin daga goshi zuwa haɓa ka ga ko layin ya tafi sumul ko ya nutse cikin fata. Dubi zanen atamfa ko leshi, ko furen da ke kafaɗar dama yana da ɗan'uwa a hagu, ko zanen ya rikiɗe ya zama wani abu a tsakiyar hanya. A hoton namiji dubi aikin hula, domin ɗinkin hula tsari ne mai maimaituwa, irin abin da manhaja ke fara shi daidai ta ƙarasa shi a birkice. Haka aikin wuyan riga da jerin maɓallai. Idanu da haƙora kuwa suna nan ga kowa.

Akwai wani bincike da ke hana ni yarda da idona fiye da kima. A 2022 Sophie Nightingale ta Jami'ar Lancaster da Hany Farid na Jami'ar California a Berkeley sun nuna wa mutane fuskoki na gaske da na StyleGAN2 a cakuɗe. Waɗanda ba a koya wa komai ba sun canka daidai kashi 48 cikin ɗari, wato da sun jefa kwabo sama ma da abin da za su samu ke nan. Waɗanda aka koya wa irin alamomin da na bayyana, ana kuma gaya musu amsa bayan kowace canka, sun kai kashi 59 kawai. Wani rukunin da aka tambaya wace fuska ce ta fi kama da ta mai amana, sun ɗan fifita na ƙirƙira a kan na gaske. Koyon alamomin yana da amfani, amma ƙarin da yake yi bai kai yadda muke zato ba.

Kuma tun daga 2022 wasu irin manhajoji suka shigo, irin su Midjourney da Stable Diffusion da DALL-E 2, waɗanda ba da gasar nan ta GAN suke aiki ba. Su suna farawa ne da hoto mai yayyafin ɗigo-ɗigo kamar talabijin da ba ta kama tasha ba, su yi ta share shi mataki-mataki har siffa ta fito bisa abin da aka rubuta musu. Idanu ba sa zama wuri ɗaya a hotunansu, bayan mutum yana fitowa da ma'ana, kuma suna zana jiki gaba ɗaya. Da farko yatsu da rubutun jikin allo ko riga ne ke tona musu asiri, yanzu waɗannan ma sun ragu ƙwarai. Abin da ya fi saura shi ne fata mai santsi fiye da kima, haske mai kyau kamar na ɗakin ɗaukar hoto a wurin da bai kamata ba, da kuma ƙananan abubuwan nan na bibbiyu, waɗanda har yanzu sukan kuskure lokaci-lokaci. Ganin alama yana ƙarfafa zargi. Rashin ganinta ba ya wanke hoto.

Shi ya sa tsarin da aka bi wajen kama Katie ya fi jerin alamomin daraja a wurina. Hoton ba shi ne ya fara tona ta ba. Mutum ne da ya san fagensa ya ce bai san ta ba, sannan aka tambayi wurin aikin da ta ambata, aka tambayi makarantar, daga baya masana suka zo suka duba kunne da ido. Idan baƙuwar fuska ta aiko maka gayyata ko tayin kasuwanci ko na soyayya, kai ma haka za ka bi. Sa hoton a Google Lens ko TinEye, masu bin sawun hoto a intanet. Idan ya fito da wani suna daban, sato shi aka yi. Idan bai fito ko'ina ba, alhali mai shi yana cewa shi babban ma'aikaci ne na shekaru, wannan shirun ma abin lura ne, domin fuskar da aka ƙera jiya ba ta da tarihi. Nemi hoto na biyu. Shafi irin na Philip Wang fuska ɗaya yake ba ka sau ɗaya, ba zai ba ka ita a wurin biki ko tare da abokan aiki ba, shi ya sa irin waɗannan shafuka sukan tsaya a hoto guda daga kafaɗa zuwa sama. Sababbin manhajoji suna iya maimaita fuska a wurare daban-daban, don haka ko an turo na biyu, jera su ka gwada siffar kunne da jerin haƙora da tabon fuska, ka ga ko mutum ɗaya ne. Sannan ka tambayi wani da ka sani a zahiri wanda ke cikin jerin abokan shafin ko ya taɓa ganin mutumin ido da ido.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce da an yi ta da wuri da Katie ba ta tara mutum 52 ba. Kowane babban suna da ya karɓe ta ya zama shaida gare ta a wurin na gaba. Da AP ta tuntuɓi Paul Winfree, bai ɓoye ba, ya ce shi duk gayyatar da ta zo masa karɓa yake yi. Masanan da AP ta zanta da su sun ce shafin ya yi kama da yadda hukumomin leƙen asiri ke farautar mutane a LinkedIn, su fara da gaisuwa da ƙulla alaƙa kafin su kai ga abin da suke nema. Rahoton bai ambaci wanda ya buɗe shafin ba.